Yadda Za Ka Cire Kame-kame Daga Buƙatarka Ba Tare Da Ka Zubar Da Ladabi Ba

Wata abokiyar aikina ta miƙo mini wayarta da rana tsaka, fuskarta a ɓace. Ta ce kwana 3 ke nan da ta tura wa shugaban sashenmu saƙo, ya karanta, bai ce uffan ba. Na karɓa na duba. Ga abin da ta rubuta:

"Salamu alaikum Yallaɓai, barka da aiki. Ka yi haƙuri na dame ka. Dama ba wani abu ba ne, kawai dai cewa na yi ko wataƙila za ka ɗan samu lokaci ka ɗan duba takardar nan da na aiko, don ina ganin kamar ana so a ɗan miƙa ta nan ba da jimawa ba. Amma in ba hali ba komai. Na gode."

Na tambaye ta me take so ya yi mata. Nan take ta ce so take ya sa hannu a rahoton kafin Alhamis, don ranar za a rufe karɓa. Na ce to a ina wannan maganar take a cikin saƙon? Ta sake karantawa, ta yi shiru. Babu sa hannu, babu Alhamis, ko sunan rahoton babu. Mutumin bai wulaƙanta ta ba. An ce masa ba wani abu ba ne, an ce in ba hali ba komai, shi kuwa ya yarda da abin da aka faɗa masa, ya juya ga saƙonnin da suka zo da rana da lokaci.

Abin yana damuna, domin galibi masu irin wannan rubutu mutanen kirki ne masu kunya, kuma su ne buƙatarsu take kwana a ƙasan tari. Shawarar da ake yawan ba su ita ce su goge kalmomin kawai. Gogewa kaɗai ba ta isa. Kusan kowace kalmar kame-kame tana zaune ne a gurbin wani bayani da mai rubutu bai kawo ba, ko don bai sani ba, ko don yana jin nauyin faɗa. In ka cire ta ka bar gurbin a wofi, saƙon zai fito a bushe kamar umarni. Aikin shi ne ka gano abin da kalmar ta ɓoye, ka sa shi a wurinta. Da saƙon nan nata za mu bi matakan.

Fara da jimla ɗaya tsirara

Kafin ka taɓa saƙon, ka ajiye shi gefe. A wani wuri daban ka rubuta buƙatarka cikin jimla ɗaya, babu gaisuwa, babu ban haƙuri, kamar kana gaya wa kanka. Jimlar ta amsa abu 3: wa zai yi, me zai yi, zuwa yaushe. Tata ta fito haka: "Shugaban sashe ya sa hannu a rahoton wata 3 kafin a tashi aiki ranar Laraba."

Ba wannan za ka tura ba, ma'auni ne. Duk gyaran da ka yi daga baya, ka dawo ka duba ko abubuwan nan 3 suna nan. In kuma ka kasa rubuta jimlar, to matsalar ba ta kalmomi ba ce, kai kanka ba ka gama yanke abin da kake so ba, kuma babu salon rubutun da zai rufe wannan.

Lura da fi'ilin. Ita ta rubuta "duba", alhali sa hannu take so. Mutum zai iya duba takarda ya ajiye, ya kuma cika abin da aka roƙe shi. "Duba", "taimaka", "yi wani abu a kai", "waiwaya", duk fi'ilai ne da ba a gane ranar da aka gama su. Zaɓi wanda za a iya cewa an yi ko ba a yi ba: sa hannu, tura, biya, amince, kira.

Raba ladabi da kame-kame

A nan mutane suka fi tsorata. Suna ganin in sun cire waɗannan kalmomi za a ce ba su da tarbiyya. Tsoron yana da tushe, don haka sai a bi a hankali. Ladabi da kame-kame suna tafiya a jere cikin jimla ɗaya, amma aikinsu daban. Ladabi yana ɗaga darajar wanda kake magana da shi. Kame-kame yana rage darajar abin da kake nema. Sallama, "barka da aiki", "Yallaɓai", "ranka ya daɗe", "don Allah", "na gode", duk babu wanda ya ce buƙatarka ƙarama ce ko ba ta da tabbas. Waɗannan su zauna daram. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Gwajin mai sauƙi ne. Ɗora yatsa a kan kalmar, ka karanta jimlar ba ita. In girmamawa ta ragu, ladabi ce, mayar da ita. In girmamawa tana nan yadda take, buƙatar ce kawai ta ƙara fitowa fili, to kame-kame ce. Cire "Yallaɓai" daga saƙonta, za ka ji an rasa wani abu. Cire "dama ba wani abu ba ne", babu abin da shugaban ya rasa na girma.

Da muka bi saƙon da wannan gwaji, mun ja layi a ƙarƙashin wurare fiye da 10 a cikin 'yan layukan nan. Ba sai ka ƙirga naka ba, amma ja layin yana da amfani, don kowa yana da kalma ɗaya ko biyu da yake maimaitawa bai sani ba. Tata "ɗan" ce, sau 3 ta fito a jimla ɗaya.

Tambayi kowace kalma me take ɓoyewa

Wannan ne ainihin aikin, kuma shi ya fi cin lokaci.

Fara da "wataƙila" da 'yan uwanta: "ko za a iya", "in an samu dama", "nan ba da jimawa ba". Waɗannan kusan kullum lokaci suke ɓoyewa. Mai rubutu yana jin nauyin yanka wa babba rana, sai ya bar ranar a buɗe. Amma mai aiki da yawa da rana yake jera ayyukansa, kuma abin da bai zo da rana ba shi ne na ƙarshe. Ba shi ranar taimako ne gare shi. Sai dai ka ba da ranar gaskiya, ka kuma faɗi inda ta fito. Ita ba ta ce "ina so kafin Laraba" ta tsaya ba, ta nuna cewa sashen kuɗi ne zai rufe karɓa ranar Alhamis da ƙarfe 12 na rana. Da haka wa'adin ya zama na aikin, ba nata ba, kuma babu wanda zai ji an yi masa gadara. Ta nemi Laraba don ta bar wa kanta safiyar Alhamis ko da gyara ya taso.

Sai "ɗan". Wannan kalma ta fi sauran wuyar sha'ani, domin a baki tana da daɗi, tana sassauta magana, kuma ba laifi ba ne ka ce wa abokinka ya ɗan matsa ka zauna, tunda matsawar ƙarama ce da gaske. Matsalar tana zuwa ne idan ka sa ta don ka ƙanƙantar da abin da ba ka auna ba. "Ɗan duba mini" na iya zama shafi 2, na iya zama shafi 60. Wanda aka taɓa cewa ya ɗan duba abu ya tarar da aikin wuni guda, in ya sake jin kalmar sai ya ja da baya. Abin da "ɗan" take so ta ce shi ne ba zai ci maka lokaci ba. To faɗi hakan da adadi. Rahoton shafi 4 ne, wurin sa hannu yana shafin ƙarshe. Wannan ya fi "ɗan" sau 3 kwantar da hankalin mai karantawa. In kuwa aikin babba ne, ka faɗa tun farko cewa zai ɗauki kamar awa 2, don mutum ya amsa yana sane da abin da ya ɗauka.

"Ina ganin kamar", "kamar dai", da "wai" suna ɓoye wani abu daban: ba ka tabbatar ba. Ta rubuta "ina ganin kamar ana so a miƙa ta". Na tambaye ta, gani kike yi ko kin sani? Ta ce akwai sanarwa a rubuce. To me ya kawo "kamar"? Wani lokaci kuwa amsar takan zama ba ka sani ba da gaske, daga bakin wani ka ji. A nan gyaran ba a rubutu yake ba. Tashi ka je ka tambaya, ko ka buɗe sanarwar ka karanta, sannan ka dawo ka rubuta abin da ka gani. "Wai" ta fi muni a buƙata, don tana zare hannunka daga maganar tun kafin a tambaye ka. In kai da kake nema ba ka tsaya a kan maganar ba, wanda kake nema a wurinsa ba zai tsaya ba.

"Dama", "kawai", "cewa na yi", "ba wani abu ba ne", su kuma neman afuwa ne a kan ka zo da buƙata tun asali. Abin da ya kamata ya zauna a gurbinsu shi ne dalili, guda ɗaya, gajere. Akwai wani gwaji sananne da Ellen Langer da abokan aikinta suka wallafa a 1978. An sa mutum ya roƙi masu jiran injin kwafin takardu su bar shi ya riga su. Da takardun shafi 5 ne kuma bai ba da dalili ba, kashi 60 cikin 100 suka yarda. Da ya ƙara cewa sauri yake yi, sai adadin ya kai kashi 94. Abin da aka fi mantawa shi ne kashi na biyu na gwajin: da takardun suka zama shafi 20, dalilin da ba shi da ma'ana, irin su "don ina so in kwafi takardu", bai ƙara komai ba, dalili na gaske ne kaɗai ya yi tasiri. Wato in buƙatar tana da nauyi, mutane suna sauraron abin da dalilin ya ƙunsa. Don haka ka kawo na gaskiya, kuma kada ka jera guda 4. Dalilai da yawa suna kama da kare kai, sai mai karantawa ya fara neman wanda ya fi rauni a cikinsu.

Na ƙarshe shi ne ƙofar da ake buɗewa a wutsiyar saƙo: "in ba hali ba komai". Niyyar mai kyau ce, ba ka so ka takura mutum. Amma in da komai, ka faɗi abin da ba haka yake ba, kuma kai ne za ka kwana da haushi. Maimakon ka ba shi hanyar yin shiru, ba shi wata hanyar da aikin zai yiwu. "In akwai gyara, a nuna mini, zan yi shi a ranar." Ko kuma, "In ba za ka samu zama ba, wa zan kai wa ya sa hannu a madadinka?" Har yanzu yana da zaɓi, sai dai duk wanda ya ɗauka rahoton zai tafi.

Ga yadda saƙon ya koma:

"Salamu alaikum Yallaɓai, barka da aiki. Don Allah ina buƙatar sa hannunka a rahoton wata 3 da na aiko. Shafi 4 ne, wurin sa hannu yana shafin ƙarshe. Sashen kuɗi zai rufe karɓa ranar Alhamis da ƙarfe 12 na rana, shi ya sa nake roƙon a sa hannu kafin a tashi aiki ranar Laraba. In akwai gyara, a nuna mini, zan yi shi a ranar. Na gode."

Tsawonsu kusan ɗaya ne. Ba gajarta saƙon muka yi ba, wurin da kame-kame ya cinye ne bayani ya karɓa. Kuma buƙatar ta dawo layi na biyu, inda ido zai faɗa a kanta ko da mutum yana tafiya ya leƙa wayar.

Taushi nawa za a bari

Ba kowa za ka rubuta wa iri ɗaya ba. Masana harshe Penelope Brown da Stephen Levinson sun nuna cewa nauyin roƙo ya dogara da abu 3: girman wanda kake roƙo a kanka, nisan da ke tsakaninku, da girman abin da kake nema. In ukun sun yi sama, ana buƙatar ƙarin taushi. Abin lura shi ne inda za ka samo taushin.

Hausa ta ba mu hanyoyin da ba sa taɓa tabbacin magana. Babba a cikinsu ita ce "a". Ka ji bambancin "ka sa hannu" da "a sa hannu". Na biyun bai nuna mutum da yatsa ba, amma aikin da ranar suna nan ba su motsa ba. Haka "ku" ga babba, haka "ina roƙon", haka "don Allah". Waɗannan su ne za ka ƙara idan wanda kake rubuta wa ya girme ka ko ba ku saba ba. Ga abokin aiki da kuke tebur ɗaya kuwa, "Malam, don Allah turo mini jadawalin nan kafin ƙarfe 3, da shi zan shiga taro" ya wadatar.

Siffar tambaya ma ba laifi ba ce. "Za a iya sa hannu kafin Laraba?" tambaya ce mai tsabta, tana neman e ko a'a. Abin da ke lalata ta shi ne tari: "ko wataƙila za a ɗan iya". Ni dokar da nake bi ita ce kalmar sassauci ɗaya a jimlar buƙata. In na sa "don Allah", ba na ƙara "ko". In na yi tambaya, ba na ƙara "wataƙila".

Ban haƙuri kuma a ajiye shi sai inda aka yi laifi. In ka makara wajen aiko da takardar, ka ce a yi haƙuri sau ɗaya, ka faɗi abin da ya faru, ka wuce. Amma neman abin da aikinka ya wajabta maka ka nema ba damun mutum ba ne.

Inda gyaran yake karkacewa

Kuskure na farko shi ne yanka har ƙashi. Wani in ya ji wannan bayani sai ya tura "A sa hannu kafin Laraba" babu sallama, babu dalili. Baki shi ke yanka wuya. Za ka gane ka wuce gona da iri idan ka karanta saƙon da ƙarfi ka ji ba za ka iya faɗarsa haka a gaban mutumin ba. Maganinsa ka mayar da gaisuwa da dalili, ba "wataƙila" ba.

Na biyu ya fi ɓoyuwa: a cire kalmomin rauni a cusa na ƙarfi. "Lallai", "dole", "cikin gaggawa", "ko ta halin ƙaƙa". Waɗannan ma gurbin bayani suke cikewa, kamar waɗancan. "Cikin gaggawa" bai faɗi rana ba, kamar yadda "nan ba da jimawa ba" bai faɗa ba, sai dai ya ƙara ɓata rai. Mai tabbaci ba ya buƙatar ɗaga murya, ranar da dalilin sun isa.

Na uku shi ne goge shakkar da take ta gaskiya. In ba ka tabbata ba ko lissafin shafi na 3 daidai ne, kada ka yi shiru don saƙo ya yi kyau. Abin da za ka yi shi ne ka tattara shakkar wuri ɗaya ka kira ta da sunanta: "Jimillar shafi na 3 ce ban gama tabbatarwa ba, ina jiran amsar sashen kuɗi gobe da safe." Wannan ya bambanta da yayyafa "kamar" a kowace jimla, inda mai karantawa ba zai san wanne ne tabbas wanne ne zato ba. Haka "in sha Allahu" idan kai ne kake alkawari: ka faɗe ta, amma tare da rana. "Zan kawo ranar Talata in sha Allahu" alkawari ne. In babu Talatar, mai saurare bai san me zai jira ba.

Idan da baki za ka faɗa

Rubutu yana ba ka damar gogewa, magana kuwa zarar bunu ce. Kame-kame a baki yakan fito a wuri biyu: kafin buƙatar, lokacin da kake neman ta inda za ka fara, da bayanta, lokacin da shiru ya yi maka nauyi. Na farkon maganinsa shiri. Jimlar nan tsirara da ka rubuta, ka sa mata "don Allah" da dalili, ka faɗe ta da ƙarfi sau 2 ko 3 kafin ka shiga. Bayan gaisuwa, ita ce farkon abin da zai fito.

Na biyun ya fi wuya. Ka gama faɗa, mutumin bai amsa nan take ba, yana duban takarda ko yana tunani. A cikin daƙiƙun nan ne bakinka zai so ya ce "amma fa in ba hali ba komai", ya rushe duk abin da ka gina. Rufe baki ka ƙirga zuwa 5 a zuci. Mafi yawan lokaci lissafi yake yi na yadda zai saka aikin a ranarsa. In ya ce Laraba ba za ta yiwu ba, kada ka koma "to ba komai". Tambaye shi yaushe za ta yiwu, ka auna da wa'adinka, in bai yi ba ka faɗi hakan a fili ka nemi wanda zai sa hannu a madadinsa.

Saƙon tuni

Ko saƙo ya yi kyau yadda ya kai, wani lokaci ba a amsawa, kuma a tuni ne kame-kame yake dawowa da ƙarfinsa: "Dama kawai na ce bari in ɗan tuna maka ne ko wataƙila ka ga saƙona." Tuni ba ya buƙatar neman izinin wanzuwa. Ka tura shi a ƙarƙashin saƙon farko don kada a sha wahalar nema, ka maimaita aikin da ranar, ka ƙara abu ɗaya da zai sauƙaƙa masa. Lokacinsa kuma daga wa'adin ake lissafa shi: in Laraba da yamma kake so, tunin ya tafi Laraba da safe, ba Alhamis ana shirin rufewa ba.

Da muka gama gyara na farkon, ta ce in rubuta mata na tunin ma ta ajiye, ko da za a buƙata. Na ce ta rubuta da kanta in gani. Ta fara da "Dama", ta tsaya, ta goge, sannan ta rubuta: "Barka da safiya Yallaɓai. Ina tuni a kan sa hannun rahoton wata 3, yau ne ranar da na roƙa. Na buga shi a takarda, zan iya kawowa ofis da ƙarfe 11 in lokacin ya yi maka."